Zanen Bayan Murfin Inji na Uku

Mahaifina ya yi shekara ashirin da shida yana gyaran wuta a gidan ƙyanƙyasar kaji. Ba a kiransa da sunansa a can. Baba Tasta kowa yake cewa, saboda 'yar sukudireba mai jan kai ta gwada wuta da ba ta barin aljihun rigarsa. Innarmu tana tsokanarsa da cewa ita ta zo ta tarar da sukudirebar a gidan, shi ya sa take girmama ta.

Karatunsa bai wuce firamare ba. Ya fara ne a shagon wani mai naɗin koyil ɗin injin ruwa, daga nan aka ɗauke shi a gonar kajin lokacin da ake kafa injinan ƙyanƙyasa guda huɗu. Kamfanin da ya sayar da injinan ya turo wani dogon mutum ya haɗa su. Shi ba ya jin yaren Baba, Baba ba ya jin nasa. Wata uku suka yi tare suna magana da ɗan yatsa a kan takarda. A nan Baba ya koyi karanta zanen da aka liƙa a bayan murfin akwatin wutar kowane inji, ya kuma riƙe shi kamar sunan 'ya'yansa.

Ni ce autarsa. Da mijina ya rasu ya bar ni da yara biyu, Baba ne ya je ya tsaya gaban manaja da hula a hannu har aka ba ni aiki a ɗakin zaɓen 'yan tsaki. Aikinmu shi ne mu fitar da su daga tire ranar ƙyanƙyasa, mu duba cibiya da ƙafa da ido, mu ware masu lafiya a kwali. A satina na farko ya kira ni lokacin hutun rana, ya buɗe murfin inji na uku.

"Auta, zo ki ga abin da ke ba ki abinci."

Takarda ce da ta yi ja don daɗewa, an rufe ta da leda. Akwatuna huɗu ne da kibiyoyi, da wata 'yar da'ira a hagu. Ya ɗora bakin sukudireba a kan kibiyar farko.

"Wannan shi ne zafin da muke so, talatin da bakwai da rabi. Yana shiga da'irar nan. Kin ga alamar tarawa a gefensa? To ga wata kibiya tana shigowa daga ƙasa da alamar ɗebewa. Wannan shi ne zafin da aka auno. Da'irar tana ɗebe wanda aka auno daga wanda muke so, abin da ya rage ta miƙa wa akwatin nan, kwanturola. In ya ga da saura, sai ya kunna hita. In ya ga babu, ko an wuce, sai ya kashe."

Ya ja sukudirebar zuwa dama. Daga kwanturola kibiya ta shiga akwatin hita, daga hita ta shiga babban akwati, wato ɗakin da ƙwai suke jere. Daga ɗakin wata kibiya ta fita, ita ce zafin da ƙwan suke ji a jikinsu. A tsakiyar wannan kibiyar layi ya karye ya yi ƙasa, ya koma baya ya shiga ƙaramin akwati na huɗu.

"Sansa ke nan, mai jin zafi. Wani ɗan ƙarfe ne kamar biro, yana rataye a tsakiyar ƙwai. Shi ke aika wa da'ira labari. Kwanturola bai taɓa ganin ƙwai ba, Auta. Abin da sansa ya gaya masa, shi kaɗai ya sani."

Na ce na gane, don in samu in koma in ci abincina. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce ƙarya nake yi amma ba komai, ƙwai kwana ashirin da ɗaya suke yi, ni ma ya ba ni ashirin da ɗaya.

Haka yake. Mutum ne mai son a tambaye shi. Kullum shi ne na farko a bakin ƙofa, yana zagaya injinan da wani tsohon ma'aunin zafi na gilashi da yake naɗewa a hankici. Yakan tsaya ya karkata kai yana sauraron ƙarar da makunnin hita ke yi in ya kama da in ya saki. Masu wanke tire suna kwaikwayonsa a bayan idonsa, amma duk wanda fankarsa ta mutu a gida shi yake kawo wa.

A shekara ta huɗu da fara aikina mai gonar ya yanke shawarar faɗaɗa sana'a. Aka ɗauko injiniya mai digiri aka ba shi ofis da makullan dukkan akwatunan wuta, aka ce daga yau Baba yana ƙarƙashinsa, ba ya canja komai sai da izini a rubuce. Ba zan ce injiniyan mugu ba ne. Yana gaisawa da mutane, yana ce wa Baba Baba. Sai dai in Baba yana magana, idonsa na kan waya.

Shi ne ya kawo sababbin kekunan ƙwai na inji na uku, dogaye, kowanne da ƙarin hawa uku na tire. Da aka zo tura su ciki, sai suka riƙa maƙalewa da sansar da ke rataye a tsakiya. Ranar Baba ya kai Inna asibiti. Injiniya ya sa aka cire sansar aka ɗaure ta a bango can sama, tare da ta ƙararrawar gargaɗi, aka yanke ragowar wayar aka gyara ta tsaf. Wurin da aka ɗaure su bai kai kamu biyu ba daga ramin da iska mai sanyi ke shigowa daga waje. Aka loda ƙwai dubu goma sha takwas aka rufe.

Kwana biyu bayan haka Baba ya tsaya a gaban injin ya daɗe. Lambar da ke gilashin kwanturola tana nuna talatin da bakwai da rabi, ba ta motsi. Amma hita yana kamawa ya ƙi saki da wuri. Ya shiga ciki ya sa ma'auninsa tsakanin tire, ya jira. Talatin da tara ya gani, har da ɗan ɗori. Ya ɗaga kai ya nemi sansa a inda ya san ta, bai gan ta ba.

Ina wucewa da kwalaye lokacin da ya kawo injiniya wurin. Ya roƙe shi makulli, ya buɗe murfin, ya nuna zanen.

"Ranka ya daɗe, dubi nan. Lambar da muke gani a gilashi, daga wace kibiya take fitowa?"

"Baba, na san zanen nan. Mun yi shi a shekarar farko a makaranta."

"Na san ka sani. Ina dai so mu bi shi tare. Ba daga kibiyar ɗaki take fitowa ba, daga ta sansa take. Sansa yanzu tana bakin iska mai sanyi. Tana cewa zafi bai kai ba, da'ira ta ga da saura, kwanturola ya ƙara wuta. Ba zai bari ba sai wurin da sansa take ya kai talatin da bakwai da rabi. Kafin can ya kai, tsakiya ta wuce. Kuma ƙararrawa ba za ta yi kuka ba, tunda ita ma sanyi take ji."

Injiniya ya ce akwai fankoki a ciki suna juya iska, zafin ɗaya ne ko'ina. Baba ya ce da haka ne, lokacin da kekunan gajeru ne, amma waɗannan sun toshe hanyar iska ta sama. Ya miƙa masa ma'aunin gilashin. Injiniya ya juya shi a hannu ya tambayi shekararsa nawa. Baba ya ce ya girmi auren Auta.

"To ka gani. Na'ura sabuwa tana faɗin abu, wannan tsohon yana faɗin wani, kuma kana so in yarda da tsohon. In aka taɓa waya yanzu sai an kashe inji da ƙwai a ciki. Bari a gama wannan zubin mu gani."

"A rage lambar da muke so, ko da digiri ɗaya da rabi ne, kafin a gyara."

"Kada ka taɓa komai, Baba. Na faɗa maka."

Injiniya ya tafi ya manta makullin a jikin murfin. Baba ya tsaya da shi a hannu. Madannin rage lamba yana nan gaban idonsa. Na ga ya ɗaga hannu ya sauke. Ya rufe murfin ya kai makullin ofis. Sau uku a satin nan ya koma ya karɓi makullin da sunan share ƙura, ya buɗe ya tsaya yana kallon zanen, ko akwai wata hanya da bai gani ba. Ya je wurin manaja, manaja ya ce maganar inji ta injiniya ce. Ya nemi ganin mai gona, aka ce yana tafiya. A gida ya daina cin abinci sosai. Inna ta ce ƙwan nan naka ne? Ya ce a'a, amma masu rai ne.

A kwana na sha takwas aka mayar da ƙwan injin da suke fashewa a ciki, kamar kullum. Washegari muka fara jin kuka daga ciki, kwana biyu kafin lokaci. Ranar da muka buɗe, warin ne ya fara tarbar mu. Na yi shekara huɗu ina wannan aiki ban taɓa ganin irinsa ba. Fiye da rabi sun mutu a cikin ɓawo, an fasa an ga gashi ya fito amma ba rai. Waɗanda suka fito ƙanana ne, farare fat, cibiyarsu ja ba ta rufe ba, wasu ƙafafu a turguɗe. Duk mai aikin ɗakinmu ya san wannan. Sanyi yana jinkirta ƙyanƙyasa, zafi ne ke gaggauta ta ya bar cibiya a buɗe. Muka cika durom biyu da matattu. Shugabar ɗakinmu ta ce kowa ya rufe bakinsa ya yi aikinsa.

Aka kira taro a ofishin manaja. Mai gona ya zo da kansa, ya zauna yana kaɗa ƙafa. Injiniya ya shimfiɗa takardar da kwanturola ke bugawa, layi miƙe a kan talatin da bakwai da rabi tun ranar farko har ta ƙarshe. Ya ce in har zafi ya yi yawa alhali na'ura tana nuna daidai, to an taɓa saitin cikinta ne, an karkatar da awonta. Ya ce mutum ɗaya ne ya riƙa karɓar makulli a kwanakin nan.

Baba ya fara bayani. Ya ce a kawo zanen. Mai gona ya ce shi ba zane ya zo gani ba. Baba ya ce layin da ke kan takardar labarin bango ne, ba labarin ƙwai ba. Manaja ya ce ya isa. Sai aka aika a kira ni, don an ce ina wurin ranar.

"Ke kin ga mahaifinki yana buɗe akwatin inji na uku?" in ji manaja.

"Na gani."

"Sau nawa?"

"Sau uku ko huɗu."

"Shi ke nan, je ki."

Na tsaya kamar na daƙiƙa biyu. A bakina akwai sauran maganar: na ji yana gargaɗi, na ji an hana shi, na ga ya ɗaga hannu ya sauke bai taɓa komai ba. Mai gona ya ɗago ido ya dube ni, ya tambayi manaja wannan ma a nan take aiki? Manaja ya ce e, ɗakin zaɓe. Na tuna yarana biyu da ɗaki guda da muke ciki. Na juya na fita. Baba bai dube ni ba, yana kallon hularsa.

Ba su ce sun kore shi ba. Takardar ta ce an gode masa da dogon hidima, an ba shi dama ya huta saboda shekaru. Mai gadi ya raka shi ya kwashe kayansa, wai haka doka ta ce, ya kuma buɗe jakar a bakin ƙofa ya duba. Mai gadin nan Baba ne ya ja masa wuta a ɗakinsa. Yana dubawa yana ba da haƙuri.

Aka sayo sabon kwanturola aka sa, aka loda wasu ƙwan. Sabon ma ya nuna talatin da bakwai da rabi. Bayan kwana ashirin muka sake cika durom.

Wata ranar hutu da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Injiniya ne, shi kaɗai, ya rame. Baba yana zaune a kan benci yana kwance wata tsohuwar fanka. Inna ta leƙo ta gan shi, ta koma ciki ta ja ƙofa da ƙarfi. Ni na kawo ruwa na ajiye na tsaya daga bayan labule.

Ya yi ta gaisuwa, ya tambayi jikin Inna, ya yi maganar zafin gari. Can ya ce, "Baba, maganar da ka yi min ranar nan, ta sansa. A ina daidai take rataye da?"

Baba ya ci gaba da kwance noti. Na ɗauka ba zai amsa ba, kuma da bai amsa ba da na ji daɗi.

"Akwai ƙwai a ciki yanzu?"

"An loda shekaranjiya."

Baba ya ajiye sufana. Ya ce in miƙo masa kalandar da ke bango da biro. Ya juya bayanta ya zana akwatunan huɗu da da'irar, ya ja kibiyoyin. Ya sa ɗan yatsa a inda layi ke karyewa daga kibiyar ɗaki ya nufi sansa.

"Duk zanen nan a kan wannan mahaɗar ya dogara. Ya ɗauka abin da sansa ke ji shi ne abin da ƙwai ke ji. In ba haka ba ne, kowane akwati zai yi aikinsa daidai, ƙwai kuma su dahu. Shi ya sa canja kwanturola bai yi maka komai ba. Ka mayar da ita tsakiya, tsakanin keke na biyu da na uku, daidai tsayin ƙirjinka, kada ta taɓa ƙarfe. Ta ƙararrawa ka raba ta da ita, ka kai ta wurin da ya fi ko'ina zafi. Ka cire hawan sama na kekunan ko da biyu ne, iska ta samu hanya. Yau za ka yi, ba gobe ba. Kwana biyu bai kashe su duka ba tukuna."

Injiniya ya ɗauki hoton zanen da waya. Ya ce Allah ya saka, ya ce zai yi magana da mai gona a kan Baba, lallai zai yi. Da motar ta tafi Inna ta fito.

"Mutumin da ya ɗora maka laifi, shi ka zauna kana koya wa?"

"Ƙwai dubu goma sha takwas ne."

"To su zo su ciyar da kai."

Baba ya koma kan fankarsa. Sai can, yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Abin da ke cina shi ne ban taɓa madannin nan ba. Makulli yana hannuna, madanni yana gabana. Da na rage lambar nan, da sun kore ni a kan abin da na yi, ƙwan kuma sun rayu. Na bi doka, na rasa duka biyun."

Zubi na uku ya fito da kyau, kusan tamanin cikin ɗari. Aka liƙa sanarwa a allon bakin ofis cewa binciken sashen injiniya ya gano matsalar wurin zaman na'urar jin zafi kuma an magance ta. Na karanta ta sau biyu ina neman ko da harafi ɗaya na Baba. Injiniya ya daina bi ta ƙofar ɗakinmu. In muka yi kiciɓis a hanya yakan tambaye ni ya Baba, in ce lafiya, ya ce a gaishe shi. Ko ya yi magana da mai gona ko bai yi ba, ban sani ba. Ba wanda ya aiko.

Na yi wata huɗu ina neman yadda zan buɗe baki. Wata safiya kafin in fita na tsuguna kusa da bencinsa na ce, "Baba, ranar nan a ofis, na yi shiru."

"Abin da suka tambaye ki kika faɗa."

"Akwai abin da ba su tambaya ba."

"Akwai," in ji shi. Ya ɗauki wani dutsen guga ya juya shi yana duba wayarsa. "Motar ma'aikata za ta wuce ki."

Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Yana wasa da yarana, yana cin abin da na dafa, amma ya daina tambayata yadda ƙyanƙyasa ta yi, kuma in na fara ba da labarin wurin aiki sai ya ƙara muryar rediyo.

Yanzu shekara uku ke nan yana zaune a ƙofar gida ƙarƙashin rumfar kwano, yana gyaran fanka da dutsen guga da tukunyar shayi ta lantarki. Idonsa ya yi rauni, sai ya kai abu kusa da hanci. Unguwa ta san shi, amma aikin ba yawa, wata ranar ma ba kowa. Ni har yanzu ina ɗakin zaɓe, an ma ba ni shugabancin tebur ɗaya.

A ƙarshen shekarar da ta wuce direban gonar ya zo da kiret biyu na ƙwan da suka ɗan tsage, irin waɗanda ake raba wa ma'aikata, ya ce manaja ya ce a kawo wa tsofaffin ma'aikata. Baba ya yi godiya, ya tambayi direban iyalinsa, ya raka shi har mota. Da ya dawo ya ce wa Inna ta raba wa maƙwabta. Inna ta ce ko guda shida a bar wa yaran. Ya ce ta bar musu, amma kada a soya yana gida.